Na mai da Documents da Desktop faifan D, yanzu folda ta zama biyu

Nasiru Dundaye: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon masana. Kwamfutar shagona tana da faifai biyu: SSD mai giga 128 wanda Windows 10 ke ciki, shi na C, sai tsohon faifai mai tera 1, shi na D. Kun san aikinmu nan kusa da jami'a, buga firojet ɗin ɗalibai da sikanin takardu. Documents kaɗai ta kai giga 61, layin C ya yi ja. Sati biyu da sunka wuce na danna dama kan Documents, na shiga Properties, na zaɓi Location, na danna Move, na nuna mata D:\Nasiru\Documents, da anka tambaye ni ko a kwashe fayilolin na ce Yes. Haka na yi wa Desktop. C ta numfasa, na yi murna.

Jiya wata ɗaliba ta kawo takardun shedar karatunta guda tara, yarona ya yi sikanin su, manhajar ta ce ta adana. Munka buɗe Documents, babu ko ɗaya. Tana tsaye da fayil ɗinta a hannu, mai keke na jiranta waje cikin wannan ranar, mu kuma muna ta lalube. Daga baya na bi ta C:\Users\Nasiru sai ga wata Documents can, da sikanin kwana goma sha huɗu a ciki. To ni na ga ƙaurar ta kammala da idona. Wa ya maido ta? Kuma Outlook tun rannan yake cewa bai ga fayil ɗinsa ba, Word ma in na danna sunan aiki a Recent sai ya ce babu.

Abdul Mai Gyara: Wa alaikumus salam Oga Nasiru. Ƙaurar ba ta kama ba ne. Ka shiga regedit ka nemi Shell Folders, duk inda ka ga C:\Users\Nasiru\Documents ka mai da shi D. Na yi wa mutane da yawa a shago, yana yi.

Malam Umaru: Salamu alaikum. Ni ma wanga al'amari ya same ni, Allah ya sa anka tada zancen. In kun gama da Nasiru ku dube ni.

Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, kada ka taɓa regedit tukuna. Mu fara tabbatar da ko ƙaurar ta kama. Buɗe PowerShell ka rubuta waɗannan layuka biyu, ka turo mana abin da ya fito:

```
[Environment]::GetFolderPath('MyDocuments')
[Environment]::GetFolderPath('Desktop')
```

Nasiru Dundaye: Malama Rabi, na farko ya ba ni D:\Nasiru\Documents, na biyu D:\Nasiru\Desktop.

Rabi: To alhamdu lillahi, ƙaurarka lafiya lau take. Windows ya san sabon gida. Matsalar tana wajen manhajoji, kuma ba duka suke neman Documents ta hanya ɗaya ba.

Ka ɗauka mutum ya tashi daga Mabera ya koma Arkilla, ya kuma sanar da mai unguwa. Wanda duk ya zo nemansa ya tambayi mai unguwa, za a nuna masa sabon gida. Haka yawancin manhajoji na zamani suke yi: ba sa riƙe adireshin, duk lokacin da za su adana abu sai su tambayi Windows ina Documents take yanzu. Waɗannan layukan da ka rubuta, wannan tambayar ce suka yi. Irin waɗannan manhajoji ba su ma san ka yi ƙaura ba, aiki kawai suke ci gaba da yi.

Akwai kuma wanda ya taɓa tambaya sau ɗaya, ranar da ya fara zuwa, ya rubuta adireshin a takarda ya sa aljihu. Shi tsohon gida zai ci gaba da zuwa har sai ka karɓi takardar ka gyara masa. Outlook ɗinka a nan yake, jerin Recent na Word ma haka, don cikakken adireshin kowane fayil suke ajiyewa, daga harafin C har ƙarshe. Ina kyautata zaton manhajar sikanarka ma a nan take.

Sai wanda ba ya tambayar kowa. Wanda ya rubuta manhajar ya ɗauka Documents kullum tana cikin foldar mai amfani, sai ya rubuta %USERPROFILE%\Documents kai tsaye. %USERPROFILE% kuwa bai motsa ba, har gobe C:\Users\Nasiru ne.

Na biyun da na ukun su ne suke maido folda. Sun je tsohon wuri ba su tarar da komai ba, maimakon su yi ƙorafi sai su ƙirƙiri sabuwar folda mai wannan suna su zuba kayansu. Wannan ita ce Documents ɗin da ka gani a C. Folda ce kawai kamar kowace, Windows bai ɗauke ta a matsayin Documents ɗinka ba, shi ya sa in ka danna Documents a gefen hagu ba ka ganin abin da ke cikinta.

Abdul Mai Gyara: Amma Anti Rabi ai regedit ɗin ne dai tushen. Can adireshin yake.

Rabi: Can yake, Abdul, ka yi gaskiya a wannan. Sai dai wurare biyu ne masu kama da juna. Wanda Windows yake aiki da shi shi ne User Shell Folders. Shell Folders, wanda ka ambata, an bar shi ne don tsofaffin manhajoji, gyara shi kaɗai ba ya ƙaurar da komai. Kuma a can ba a rubuta Documents ba, sunanta Personal:

```
reg query "HKCU\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Explorer\User Shell Folders" /v Personal
```

Shafin Location da Malam Nasiru ya bi shi ne yake gyara wannan da kansa, ya kuma kwashe kaya. An riga an yi. Manhajar sikana ba can take karantawa ba, don haka ko ya kwana yana gyara regedit, gobe za ta sake zubawa a C.

Abdul Mai Gyara: To na ji. Waɗanda na yi wa, wataƙila ta Location ɗin ne abin ya kama ba ta wajena ba.

Nasiru Dundaye: To yanzu mi zan yi, ɗaya bayan ɗaya?

Rabi: Fara da sikanar tunda ita ke kunyata ka gaban mutane. Buɗe manhajarta, shiga saitinta, nemi inda aka rubuta wurin adanawa. In ka ga akwati mai C:\Users\Nasiru\Documents da wani abu a bayansa, canza shi zuwa D, ka yi sikanin takarda ɗaya ka ga inda ta faɗa. In akwai saiti daban na PDF da na hoto, duba kowanne.

Outlook kuma, fayil ɗin da yake nema mai ƙarewa da .pst ne, kuma mazauninsa foldar Outlook Files ce cikin Documents, don haka ya bi ƙaura. Idan ya ce bai gani ba ka danna OK, zai buɗe maka taga ta neman fayil, sai ka nuna masa D:\Nasiru\Documents\Outlook Files. Abu ɗaya nake so ka duba kafin nan: in Outlook yana buɗe lokacin da ka yi ƙaura, fayil ɗin yana riƙe a hannunsa, yana iya ƙin tafiya. Duba girman .pst ɗin da ke D da ranar da aka taɓa shi ƙarshe, ka duba ko akwai wani a C.

Word ba shi da matsala ta gaske. Jerin Recent ne ya tsufa, in ka buɗe fayilolin daga sabon wuri zai cika da sababbin adireshi. Ka leƙa File, Options, Save, ka tabbata Default local file location yana nuna D.

Nasiru Dundaye: Na samu na sikana! Akwatin yana nan, C ne a ciki. Na canza, na gwada da rasit, ya faɗa D. Outlook ma ya buɗe, .pst ɗin giga 3 da ɗoriya, yana D, babu wani a C. Allah ya saka da alheri Malama.

Saura ɗaya. Cikin waccan foldar ta C akwai wata ƙaramar folda ta wata tsohuwar manhajar buga katin shaida da muke amfani da ita. Na zagaye saitinta kaf, babu inda ake canza wuri.

Malam Umaru: To ni ga nawa. Ɗana ne ya ce in mai da Desktop zuwa D don C ta cika. Na bi Location awa yadda Nasiru ya faɗi, da anka ce in zaɓi wuri sai na danna D ɗin kanta na ce Select Folder. Yanzu duk abin da ke cikin D ya watsu bisa fuskar kwamfuta, har hoton Masallacin Shehu da na sa a baya ba a gani. Foldar sakamakon ɗalibai, ta hotunan biki, ta littattafai, duk ga su nan. Na share guda huɗu don wuri ya yi sarari. Mi ya kamata in yi da sauran?

Rabi: Baba, don Allah ku dakata, kada ku ƙara share komai. Waɗannan ba hotunan folda ba ne, su ne foldojin da kansu. Kun mai da faifan D gaba ɗayansa ya zama Desktop, saboda haka abin da kuka share a fuskar kwamfuta, daga D kuka share shi. Ku buɗe Recycle Bin yanzu, ku zaɓi huɗun nan, ku danna dama ku ce Restore. Da kuna sharewa, ya taɓa ce muku wata ta yi girma, ko a share ta har abada?

Malam Umaru: Inna lillahi. A'a bai ce ba. Na duba, suna nan su huɗu, na maido su. Ta sakamakon zango na biyu na ciki. 'Yata Allah shi yi miki albarka.

Rabi: Amin Baba. Yanzu gyaran. A nan ne shawarar Abdul ta regedit take da amfani, don in kuka bi Location kuka ce a kwashe fayiloli, zai yi ƙoƙarin kwashe duk abin da ke D ya kai C, ga shi C ba wuri. Ku sa ɗanku ya zauna kusa. Da farko a duba C:\Users a cikin foldar sunanku ko akwai Desktop, in babu a ƙirƙira. Sannan a buɗe regedit a je wancan User Shell Folders da na rubuta a sama, a danna Desktop sau biyu, a goge abin da ke ciki a rubuta:

```
%USERPROFILE%\Desktop
```

Sai ku yi Sign out ku sake shiga. Fuskar kwamfuta za ta dawo fayau, kayan D suna nan a D ba abin da ya taɓa su. Fayilolin da asali na Desktop ne suna nan cakuɗe a cikin D, da hannu za ku tsince su. Bayan nan in kuna son ƙaurar, ku fara buɗe folda a D, misali D:\Umaru\Desktop, ita za ku nuna wa Location. Kuma kowace da ɗakinta: kada a nuna wa Desktop da Documents folda ɗaya, in suka haɗe raba su wahala ce.

Abdul Mai Gyara: Baba in abin ya gagara ku aiko yaron da ita shago, ba sai kun biya ba.

Oga Nasiru, maganar manhajar katin nan, maganinta mklink. Ka kwashe abin da ke Documents ta C ka kai D, ka goge foldar, sannan a cmd:

```
mklink /J "C:\Users\Nasiru\Documents" "D:\Nasiru\Documents"
```

Shi ke nan. Duk manhajar da ta je C, ƙofa ce za ta tarar mai ɓullewa D. Ba ta ma sani. Ni da tun farko haka za ka yi, da Outlook da Recent ba su ko yi tari ba.

Rabi: Wannan yana aiki, ban musa ba. Ga manhajar da ba ta da saiti, kusan ita ce hanya. Amma ni ba na son buɗe ƙofa ga Documents gaba ɗayanta. Wata shida nan gaba Malam Nasiru ya manta, ko wani mai gyara ya zo, ya ga Documents a C da kaya a ciki, ya ga wata a D da kaya iri ɗaya, ya ce kwafi biyu ne bari in rage. Ya shiga ta C ya zaɓi duka ya share. Abin da ya share na D ne, don kaya ɗaya ne ake gani ta ƙofa biyu. Haka kuma ranar da aka danna Restore Default, ana ce wa Windows ne ya kwashe kaya daga D ya kai wurin da shi ma D yake nunawa.

Da ni ce, ƙaramar foldar manhajar katin kaɗai zan yi wa. A bar Documents ta C ba komai a ciki sai wannan ƙofa ɗaya. In sunan foldar Kati ne misali, a kwashe ta zuwa D tukuna, sannan:

```
mklink /J "C:\Users\Nasiru\Documents\Kati" "D:\Nasiru\Documents\Kati"
```

In ana so a cire, a cikin cmd, rmdir a kan ƙofar yana cire ƙofar ne kawai, kayan suna nan. Umarnin dir /AL kuma, shi ma a cmd, yana nuna waɗanne ne ƙofofi a cikin folda.

Abdul Mai Gyara: To ai in ya yi haka, gobe wata manhajar ta sake zuba kaya a C bai sani ba, mun koma gidan jiya. Tawa ta rufe zancen gaba ɗaya.

Rabi: Gaskiya ne, tawa tana buƙatar ya riƙa leƙawa lokaci lokaci. Taka kuma tana buƙatar kada kowa ya manta. A shago mai yara uku suna taɓa kwamfuta, na fi tsoron mantuwa.

Sanusi: Ku gafarce ni in sa baki. Me zai hana ya bar katunan a C kawai? Ƙananan fayiloli ne.

Rabi: Dalili biyu, Malam Sanusi. In yana ɗaukar kwafin ajiya na D kaɗai da tunanin komai na can, katunan ba sa ciki. Ranar da aka sake zuba Windows aka goge C, sun tafi. Na biyu ya taɓa faruwa a zahiri. A watan Oktoba na 2018 Microsoft ta dakatar da sabuntawar Windows 10 mai lamba 1809 kwanaki kaɗan bayan fitowarta, saboda ta goge fayilolin wasu mutane. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda suka ƙaurar da irin waɗannan foldoji amma wasu fayiloli suka rage a tsohon wuri. An gyara an sake fitar da ita a Nuwamba. Tun lokacin ba na barin abu mai muhimmanci a tsohuwar foldar.

Shafa'atu: Anti Rabi ni laftof ɗina faifai ɗaya ne, giga 256. Zan iya mai da Documents kan faifan waje da nake sokawa ta USB? Duk babin firojet ɗina na ciki.

Rabi: Ƙanwata kada ki yi. Windows harafi yake bi, ba faifan ba. Yau faifanki E ne, gobe kin fara soka filashin ƙawarki ya karɓe E, naki ya zama F, Documents ta ɓace ko ta koma nuna filashin mutane. Ana iya ba shi harafi na can ƙasa kamar X a Disk Management don kada a yi karo, amma duk ranar da kika kunna ba tare da shi ba, ko waya ta motsa kina cikin rubutu, matsala ce. In Desktop ce ma tun daga shiga za ki ga saƙon cewa wurin is unavailable. Ki bar Documents inda take, ki kwashe bidiyo da manyan kaya zuwa faifan waje da hannu, ki kuma riƙa ajiye kwafin firojet ɗin a can.

Shafa'atu: To na gode. Na ma gwada ɗazu kafin in tambaya, ya ƙi, ya ce Access is denied.

Rabi: Duba adireshin da ke shafin Location. In kin ga OneDrive a ciki, shi ke riƙe da foldar, kuma ba ta ƙaura sai an kashe ajiyarta a saitin OneDrive, wajen Manage backup. A wajenki ki bar shi, kwafi ne kike samu.

Nasiru Dundaye: Wani abu kuma na lura yanzu. Yarona yana da nasa akawun a kwamfutar. Da can in ya nufi Documents ɗina sai a hana shi. Yanzu ya shiga D:\Nasiru ya buɗe komai, har takardar lissafin shago.

Rabi: Madalla da ka lura, mutane da yawa ba sa lura. C:\Users\Nasiru a kulle take, kai da masu ikon gudanarwa kaɗai ke shiga. Folda da ka buɗe a D kuwa izininta daga D take gadonsa, shi kuma a buɗe yake ga duk mai akawun. Rubuta icacls D:\Nasiru ka gani, in akwai Users ko Authenticated Users a jerin, shi ne dalili. Gyaran: danna dama kan D:\Nasiru, Properties, Security, Advanced, Disable inheritance, ka zaɓi Convert. Ka fara ƙara sunanka da Full control, sannan ka cire waɗancan biyun. Ka bar SYSTEM da Administrators. Kada ka juya tsarin, sunanka tukuna. Kuma in akawun ɗin yaron na mai gudanarwa ne, zai iya buɗe wa kansa, sai ka mai da shi Standard.

Abdul Mai Gyara: Amma fa Oga, in yaron ne ke buga katin daga nasa akawun, manhajar tasa Documents za ta je, ba taka ba. Ka duba wannan kafin ka yi mklink ko wanne iri.

Rabi: Wannan tambaya ce mai kyau, ban yi tunaninta ba. Malam Nasiru, da wane akawun ake buga katin?

Nasiru Dundaye: Duka biyu, ya danganta da wanda ke zaune. Ke nan akwai wasu katunan a tasa foldar da ban taɓa gani ba. An ɗauke wuta yanzu, sai mun tada janareto bayan la'asar. Zan duba tasa in faɗa muku abin da na tarar, sannan mu ga ko ƙofa ɗaya za a yi ko biyu.

Malam Umaru: Yaron ya zo mun yi regedit ɗin. Hoton masallaci ya dawo. Saura tsintar fayilolin Desktop cikin D, na ga sun kai arba'in.